Faktir ɗin da ba ka ci ba ake so ka biya

Wallahi na gaji, wata ba ya wucewa sai wani ya shigo biro na a nan Garwa da takarda a hannu, Malam duba mini wannan, kuma yawanci ya riga ya biya kafin ya zo. Ni ma na taɓa faɗawa, to bari in fara da kaina.

Lokacin da na buɗe wurin buga takarduna aka aiko mini da wani fom ta imel, wai wani kundin sunayen kamfanonin duniya ne, sun sa sunan shagona da adireshi, amma lambar wayata akwai kuskure ɗaya a ciki. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe "mise à jour gratuite", wato gyara kyauta ne. Ni kuwa gwanin gyara, na gyara lambar, na sa hannu, na buga hatimi, na mayar musu. Ashe kuskuren da gangan suka yi shi don hannuna ya yi ƙaiƙayi. A ƙasan takardar akwai wani rubutu ƙanana kamar ƙafar kiyashi, yana cewa gyaran ne kyauta, amma sa hannu yana nufin ka yi odar talla ta shekara 3, yuro 995 duk shekara. Ku lissafa, yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato sefa ɗari shida da hamsin da shida ba kaɗan, shekara ɗaya ta haura jaka 650, ukun kuma ana neman miliyan 2.

Bayan wasu makonni faktir ya iso, sai tunatarwa, sai kuɗin latti, sai wani wai lauyansu yana maganar kotu. Tsoro ya kama ni na biya na shekarar farko, kuɗin da na tara don sayen sabon injin ne, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kuma biyan bai sa sun bar ni ba, shekara na zagayowa suka dawo. Karo na biyu na kai wa wani lauya takardun, muka rubuta musu sau ɗaya cewa ban yarda da yarjejeniyar ba don yaudara ce, daga nan ban ƙara amsa ko ɗaya ba, suka yi ta turowa har suka gaji. Yanzu hatimina a aljihun tebur yake a kulle, kuma kowace takarda daga ƙasa nake fara karanta ta.

Na biyu shi ne na sunan shafin intanet. Wani Alhaji mai kayan gini da na taimaka ya buɗe shafi, ɗan wansa ne ke duba masa imel, saƙo ya zo wai shafin zai mutu cikin awa 48 in ba a sabunta ba. Yaron ya ce Baffa a biya kawai kar a rufe mu, suka tura jaka 45 ta waya. Haba jama'a! Wanda ka sayi sunan a wurinsa shi kaɗai zai sabunta maka, ba wani baƙo ba. Su waɗannan ranar ƙarewar kawai suke lekowa don a fili take, kowa ma yana iya gani da umarnin whois mai nuna bayanan rajistar sunan shafi:

```
whois sunanshafinka.com
```

Ka duba layin Registrar, shi ne kamfaninka na gaskiya, da layin Registry Expiry Date, ranar ƙarewa ke nan. Na Alhaji saura wata 7. Da muka karanta saƙon a tsanake ma ba sabuntawa suka sayar masa ba, wai rajista ce a injunan bincike, abin da ba a biyan ko dala a kansa. Ni ba na taɓa mahaɗin da ke cikin saƙo, da hannuna nake rubuta adireshin kamfanin in shiga asusuna in gani.

Masu rajistar tambarin kaya kuma, hukumar OAPI da ke Yawunde ce ke yi wa Kamaru da Cadi, kuma rajistar shekara 10 take yi kafin a sabunta. Wanda ya turo maka takarda mai kama da ta hukuma bayan shekara ɗaya ko biyu yana neman kuɗin bugawa a wani kundi, ka ajiye ta ka kira wanda ya shigar maka da takardun tun farko.

Sauran ƙanana ne. Kamfani ya ce a Kamaru yake amma faktir ɗinsa ba lambar haraji ta NIU ba lambar rajistar kasuwanci ta RCCM, a'a. Lambar asusu ta IBAN haruffa biyun farko ƙasar bankin suke nunawa, namu CM, na Cadi TD, in ka ga wasu daban ka tambayi dalili. In an ce ka tura ta Orange Money ko MoMo, duba sunan da ya fito kafin ka sa lambar sirri, in sunan wani mutum ne ba na kamfani ba ka fasa. Kuma don Allah ku daina barin yaron shago yana biyan takarda don kuɗinta bai kai jaka 20 ba. Ni ina da littafi mai shafi guda, duk abin da nake sabuntawa yana ciki da ranarsa da wanda nake biya, takardar da ba ta ciki sai ta kwana uku a kan tebur kafin ma in kira wani a kanta.