Yadda ake cire mutum ɗaya daga hoton jama'a don sa shi a fosta

A ce za a yi fostar walimar saukar karatu, hoton mai saukar da ake da shi kuwa ɗaya ne, wanda ya tsaya cikin abokansa bakwai. Za mu yi aikin da GIMP, manhajar da ake saukewa kyauta a kwamfuta.

Kafin ka taɓa komai, duba ko hoton zai ɗauki girman fostar. Hoto mai fiksel 4000 a faɗi da 3000 a tsaye babba ne, amma mutuminka wataƙila 1800 kawai ya ci daga hula zuwa takalmi. Fosta tana fita da kyau a fiksel 150 cikin kowane inci, wato zai kai inci 12, kimanin santimita 30. Wannan ya isa takardar A3, wadda tsayinta santimita 42 ne. Idan kuwa ta WhatsApp aka turo hoton, an riga an matse shi, fuskar za ta dushe a wurin bugawa. Ka nemi a sake turo na asali a matsayin Document.

Buɗe hoton, ka shiga Layer > Transparency > Add Alpha Channel. Wannan ne ke ba hoton damar samun wurin da babu komai. Idan babu shi, duk abin da ka goge launi ne zai cike gurbinsa, yawanci fari.

Sai zagaye mutumin. Kada ka dogara da Fuzzy Select, domin launi yake bi, a hoton walima kuwa farin kaftani na jingine da farin kaftani, ba zai gane inda kafaɗar wannan ta ƙare ta wancan ta fara ba. Danna B ka ɗauki Paths, ka zuƙo hoton zuwa 300%, ka riƙa dasa ɗigo a gefen jiki. A miƙaƙƙen wuri kamar hannun riga ɗigo biyu sun wadatar. A lanƙwasa kamar kafaɗa da kunne, danna ka ja don layin ya tanƙwaru. Layin ya bi ta ɗan cikin jiki, fiksel ɗaya ko biyu. Idan ka zagayo inda ka fara, zaɓi Select > From Path.

Daga nan Select > Shrink da fiksel 1, sannan Select > Feather da fiksel 2. Na farko yana yanke siririn launin bango da ke manne a gefe, na biyu yana tausasa bakin don kada ya zama kamar an yanka da almakashi. Idan Feather ya yi yawa, mutumin zai fito da hazo a gefensa.

Maimakon gogewa, shiga Layer > Mask > Add Layer Mask, ka zaɓi Selection. Sauran mutanen za su ɓace, ƙananan murabba'ai masu ruwan toka su bayyana, alamar wurin babu komai. Amfanin wannan shi ne ba a rasa kome ba. Ka cire zaɓin da Select > None, ka ɗauki Paintbrush: baƙi yana ɓoyewa, fari yana dawo da abin da aka ɓoye. Da haka ake buɗe ratar da ke tsakanin hannu da jiki, wadda ake yawan mantawa, har rigar na baya ta leƙo ta ciki.

Wahalar hoton jama'a ita ce hannun aboki a kan kafaɗa. Idan yatsu ne kawai, danna ainihin hoton, ba Mask ɗin ba, a jerin Layers, ɗauki Clone da harafin C, riƙe Ctrl ka danna tsabtataccen wurin rigar kusa da su, sannan ka shafe su a hankali, kana bin layin yadin. Amma idan wani ya tare rabin jikinsa, kada ka ɓata lokaci wajen ƙirƙiro hannun da babu. Yanke shi daga ƙirji zuwa sama, a fostar ka ɗora rubutun sunansa a kan wurin yankan.

Yanzu gwaji. Ƙirƙiri sabon Layer a ƙarƙashinsa, ka cika shi da launin fostar, ko kore mai duhu. Duk farin zobe a gefen hula ko guntun bango da ya rage nan take zai fito, ka danna Mask ɗin mutumin a jerin Layers, ka bi shi da baƙin burushi. Mayafi mai shara-shara ya fi wuya, domin launin bangon ya ratsa shi, sai dai a zaɓa wa fostar launi mai kama da na bangon asali.

Ɓoye koren, ka rage filin da ya rage da Crop, ka adana aikin a XCF, tsarin fayil na GIMP, saboda gyaran gaba. Sannan File > Export As, sunan ya ƙare da `.png`. JPG ba ya riƙe wurin da babu komai, zai cike shi da launi. Haka ma zai iya faruwa idan ka tura wa mai bugawa ta WhatsApp a matsayin hoto, don haka shi ma Document za ka tura.