Yadda ake karanta nauyin atisaye da gargaɗin ƙari na farat ɗaya, a kuma san lokacin ragewa

Yawancin sababbin masu gudu da na ga sun ji rauni ba su rasa gargaɗi ba. Agogon hannu ko manhajar waya ta nuna musu cewa nauyin atisayensu ya yi tashin gwauron zabo, sai wasu suka yi biris har gargaɗin ya ɓace da kansa, wasu kuma suka tsorata suka kwanta mako guda cur. Duka biyun kuskure ne, kuma ba za a gane dalili ba sai an san yadda ake samo lissafin.

Mataki na farko shi ne a auna nauyin kowane atisaye. Hanyar da na fi so, wadda kuma nake ganin kowa ya kamata ya fara da ita, ita ce wadda masanin kimiyyar motsa jiki Carl Foster ya yaɗa: bayan an gama atisaye da kamar rabin awa, mutum ya ba wa wahalar da ya sha maki daga 0 zuwa 10, sannan ya ninka makin da yawan mintunan da ya yi.

```
nauyi = mintuna × makin wahala
```

Gudun minti 40 cikin natsuwa, wanda mutum ke iya hira yana yinsa, zai samu maki 4, nauyinsa ya zama 160. Ana jiran rabin awar ne domin kada wahalar mintunan ƙarshe ta rinjayi hukuncin da za a yi wa atisayen gaba ɗaya. Agogo masu tsada suna yin nasu lissafin daga bugun zuciya, amma littafin rubutu da biro sun wadatar, kuma suna da wata fa'ida da agogo ba shi da ita: suna karɓar wasan ƙwallon da aka buga ba a ɗaura agogo ba, da ɗaga ƙarfe wanda bugun zuciya ba ya nuna nauyinsa yadda ya kamata. Sharaɗin kawai shi ne a tsaya a kan ma'auni ɗaya, domin makin wannan manhaja ba ya daidai da na waccan.

Mataki na biyu shi ne kwatanta wannan mako da makonnin baya. Ana tara nauyin kwana 7 na ƙarshe, a raba shi da matsakaicin nauyin mako a cikin kwana 28 na ƙarshe.

```
sakamako = nauyin kwana 7 ÷ (nauyin kwana 28 ÷ 4)
```

Wannan shi ne abin da agogon Garmin ke nunawa da sunan `Load Ratio`, ko da yake kowane kamfani yana da ɗan bambanci a yadda yake lissafinsa. A 2016 masanin kimiyyar wasanni Tim Gabbett ya fitar da iyakokin da manhajoji da dama suka ɗauka: daga 0.8 zuwa 1.3 wuri ne mai sauƙin haɗari, daga 1.5 zuwa sama kuma haɗarin rauni yana ƙaruwa. An samo waɗannan alƙaluma ne daga ƙwararrun 'yan wasan ƙungiya irin su kurket da rugbi, kuma masana da dama sun soki lissafin da cewa ba ya iya faɗin wanda zai ji rauni. Saboda haka ana ɗaukarsa a matsayin sanarwar cewa wani abu ya canja da sauri, hukuncin kuwa sai an duba jiki.

A ɗauki misalin mai gudu wanda makonsa na yau da kullum ya ƙunshi gudu mai sauƙi sau uku, kowanne minti 40 a maki 4, jimilla 480. Dogon gudu na minti 70 a maki 5, wato 350. Da atisayen ƙarfafa jiki na minti 30 a maki 4, wato 120. Makon ya tashi 950. Makonni uku da suka wuce ya samu 900, 1000 da 950. A mako na huɗu abokai suka ja shi wasan ƙwallo na minti 90 wanda ya ba wa maki 7, nauyin 630 ke nan, sannan ya mayar da gudu mai sauƙi guda ɗaya zuwa hawan tudu na minti 55 a maki 6, wato 330 a maimakon 160. Makon ya tashi 1750. Jimillar makonni huɗun 4600 ce, matsakaicinsu 1150, kuma idan aka raba 1750 da 1150 ana samun 1.52. Gargaɗi ya fito. Shi kuwa a zuciyarsa atisaye ɗaya kawai ya ƙara.

Akwai abin lura a nan. Makon mai nauyi yana cikin matsakaicin da ake kwatanta shi da shi, don haka shi da kansa ya ɗaga ma'aunin. Da an kwatanta 1750 da makonni ukun baya kaɗai, waɗanda matsakaicinsu 950 ne, da sakamakon ya kai 1.84. Ma'ana nauyin da jikin ya gani ya kusa ninki biyu na wanda ya saba, ya fi abin da allon ya nuna.

Mataki na uku shi ne tabbatar da cewa gargaɗin na gaskiya ne. Idan agogon sabo ne, ko kuma an yi makonni ana atisaye ba a rubutawa, matsakaicin kwana 28 zai kasance ƙasa da gaskiya, sai mako na yau da kullum ya fito kamar wani gagarumin ƙari. Haka ma idan na'urar auna bugun zuciya ta yi kuskure ta nuna bugu mai yawa a gudu mai sauƙi, abin da ke yawan faruwa idan agogon bai kama hannu sosai ba. Irin wannan gargaɗi ana gyara bayanansa ne a wuce. Amma wanda ya dawo daga jinya ko hutun mako biyu, kada ya sa kansa cikin wannan rukuni. Shi nasa matsakaicin ya sauka ne domin da gaske jikinsa bai yi aiki ba, kuma komawa kai tsaye kan 950 ƙari ne na gaske.

Yanzu sai matakin da ya fi kayar da mutane, wato mako na biyar. A ce mai gudun nan ya ji garau, ya maimaita 1750. Makonni huɗun da ke cikin lissafi yanzu su ne 1000, 950, 1750 da 1750, jimilla 5450, matsakaici kusan 1363, sakamako 1.28. Gargaɗin ya ɓace, allon ya nuna komai lafiya, alhali babu abin da ya ragu a kan ƙafafunsa. Lissafin ne ya saba da sabon nauyin cikin mako ɗaya, ƙashi da jijiya kuwa ba su saba ba. Zuciya da huhu suna samun ƙarfi cikin makonni kaɗan, shi ya sa numfashi ke sauƙi mutum ya ga kamar ya ƙware, amma agara da ƙashin ƙwauri suna bukatar watanni kafin su daidaita da sabon aiki. Ƙari a kan haka, ciwon da ƙarin nauyi ke haifarwa ba ya yawan bayyana a makon da aka yi ƙarin, sai a mako ɗaya ko fiye bayansa. Saboda haka lokacin da allon ya daina gargaɗi shi ne sau da yawa lokacin da ya kamata a fi sa ido. Ɓacewar gargaɗi tana da ma'ana ne kawai idan nauyin mako ne ya sauko, ba matsakaici ne ya hau ya tarar da shi ba.

Wanda ya tsorata ya daina komai shi ma lissafin zai juya masa baya. Idan mako na biyar ya zama sifili, na shida kuma ya koma cikakken atisaye, jikin ya sha nauyi mai yawa, ya zauna, ya sake ɗaukar nauyi farat ɗaya, kuma irin wannan hawa da sauka shi ne ainihin abin da ake gudu. Ga wanda babu ciwo a jikinsa, ragewa ake yi, ba tsayawa ba.

Ƙa'idar da nake bi wajen yanke hukunci ita ce a haɗa lamba da abin da jiki ke faɗa. Idan sakamakon ya wuce 1.5 amma barci lafiya, bugun zuciya na safe kafin a tashi daga shimfiɗa yana inda ya saba, tsamin jiki kuma na tsoka ne a ƙafafu biyu wanda ke sakin mutum bayan an ɗumama jiki, to a koma kusa da matsakaicin makonnin baya, a ɗan ɗora kaɗan. Ga mai gudun misalinmu, 1100 ya yi: jimillar 1000, 950, 1750 da 1100 ita ce 4800, matsakaici 1200, sakamako 0.92. Idan kuwa bugun safe ya hau sama da yadda aka saba na kwana biyu ko uku a jere, barci ya lalace, ko kuma gudun da ake ba wa maki 4 ya koma 6 a kan saurin da aka saba, to a sauka ƙasa da matsakaicin, zuwa kamar 600 ko 700, ko da lambar ba ta kai 1.5 ba. A ganina wannan alama ta ƙarshe ta fi duk sauran amfani, kuma ba ta bukatar wata na'ura.

Akwai ciwon da ba a yi masa lissafi. Ciwon da ke wuri ɗaya a kan ƙashi har ana iya nuna shi da yatsa, wanda ke ƙaruwa yayin gudu, ko yake sa ɗingishi, ko yake damun mutum da dare yana kwance, dalili ne na dakatar da gudu a je a ga likita, domin tsagewar ƙashi ta gajiya haka take farawa. Zazzaɓi, ciwon ƙirji ko jiri su ma tsayawa ake yi nan take, ko me allon ya nuna.

Wajen ragewa, a fara cire abin da ya kawo ƙarin. A misalinmu wasan ƙwallon ne da hawan tudu, don haka ɗaya daga cikinsu zai fita gaba ɗaya, ɗayan kuma a rage shi. A bar yawan ranakun atisaye yadda suke, a gajarta mintuna a kuma sassauta ƙarfi, sannan kada a jera ranaku biyu masu wahala. Masu mayar da gudu zuwa keke ko ninƙaya suna sauƙaƙa wa ƙashi da agara dukan ƙasa, amma dole su rubuta nauyin a littafi, domin gajiyar tana nan.

Komawa sama kuma a hankali ake yi. Dokar ƙarin kashi 10 cikin 100 a mako ba ta da hujja mai ƙarfi, amma ta isa a fara da ita: daga 1100 zuwa kusan 1200, sannan 1300, a sa mako mai sauƙi bayan kowane uku ko huɗu. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko tsawo ko ƙarfi. Idan wasan ƙwallon zai zama na kowane mako, a ba shi gurbinsa na 630 a cikin jimillar tun farko, a cire gudu ɗaya ko biyu domin ya samu wuri.