In takarda ta zo maka da giɓi, kar ka cike da kanka

Masu shagon kwamfuta da duk wanda ake kawo wa takarda ya buga ko ya fassara, mu ɗauki yarjejeniyar sayar da fili a matsayin misali, an turo maka hotunan shafi 1, 2, 3, 5 da 6 ta wasap. Shafi na 3 ya ƙare da "mai saye zai biya ragowar kuɗin kafin", shi ke nan, sai na 5 ya fara da sharaɗi na 11 alhali kana kan na 7.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne cikewa da ka. Wai ai ka buga irinta da yawa, sai ka ƙarasa da "ƙarshen wata". To in asalin takardar wata shida ta ce fa? Ka saka wa mutane sharaɗin da ba su yi ba, kuma ranar da rigima ta kai gaban mai unguwa ko kotu naka rubutun za a karanta. Tsaya daidai kan kalmar da ta yanke, ka rubuta a ƙasa ɓaro-ɓaro: nan rubutu ya yanke, shafi na 4 babu, sharaɗi na 8 zuwa 10 ba su zo ba.

Wasu kuma lamba suke gyarawa, 5 ya koma 4 don aiki ya yi kyau, wannan ɓoye giɓin ne kawai, bar lambobin yadda suke.

Sai maganar baki, nan ma ana zamewa sosai. Mai takarda ya tambaye ka, akwai tara in na yi lattin biya? sai ka ce babu. A'a mallam, ba ka sani ba, wataƙila tana cikin shafin da ya ɓata. Ce masa "Alhaji, a cikin shafi biyar ɗin da na gani babu, amma na 4 ba ya hannuna, kuma nan ne ake maganar biyan kuɗi." Kuma tun kafin ka fara aiki za ka faɗa, ba sai ya zo karɓa ba.

Kafin ka taɓa kibod ma ka ƙirga. In ka ga 1, 3, 5 kaɗai, galibi takardar gaba da baya ce aka yi fotokwafin fuska ɗaya, a koma a juya asalin. In babu lambar shafi, haɗa ƙarshen kowane shafi da farkon na gaba ka ji ko maganar ta ɗore. Duba ƙasan hoton ma, waya tana yawan yanke layin ƙarshe, kuma in ba ka ga sa hannun shaidu ba ka tambaya ko akwai wani shafin a baya kafin ka karɓi kuɗin aiki.