Gyaran furfura a hoton biki

Na gyara hoton wata Hajiya da aka ɗauka a wani biki a Jidda, inda iska ta tayar mata da silin gashi a gefen ɗankwali, furfura kuma ta bayyana a goshi. Silin gashin na goge su a Photoshop da burushin share tabo, wato Spot Healing Brush, na bar biyu ko uku, domin idan aka share duka, kan yakan zama kamar an yanko shi da almakashi. Furfura kuwa kada a shafa mata baƙi. A buɗe sabuwar leya, wato shimfiɗa a saman hoton, a sa ta a Multiply, yanayin da ke duhunta abin da ke ƙarƙashinta, a ɗebo launi daga gashinta, sannan a shafa a hankali da Opacity, wato ƙarfin launin, wajen kashi 20. Idan fatar tsagar kai ta yi duhu, an zarce, sai a rage.