Yadda ake fitar da kaya daga mangaza, da yadda farashin da ka rubuta yake canza ribarka

Mai sari a babbar kasuwar Maraɗi yana amsa tambaya biyu duk lokacin da katan ya fita daga mangazarsa, ko ya sani ko bai sani ba. Ta farko: wane katan yaro zai ɗauko? Ta biyu: wane farashin saye za a rubuta masa a littafi? Da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne, kuma daga nan lissafi yake fara rikicewa. Ta farko kwanan watan da ke jikin kaya ne yake amsa ta. Ta biyu kuwa ƙa'idar lissafi ce da ka zaɓa ka tsaya a kanta.

Fara da ranar da mota ta sauke kaya. Kafin ƴan dako su jibge su, duba kowane rukuni ka rubuta ranar shigowa, yawan katan, kuɗin da kowane katan ya tsaya maka, da ranar ƙarewar wa'adinsa. Kuɗin katan ya haɗa da abin da ka biya mai kaya, da kuɗin mota, da na duwan, da na dako, a raba su bisa yawan katan. Sannan ka sa alƙalamin maka ka rubuta watan ƙarewa da manyan lambobi a gefen da ido zai gani. Ka kula, yawancin kwalaye suna ɗauke da kwanan wata biyu, na ranar da aka yi kayan da na ƙarewa, kuma yaron da yake sauri yana iya karanta wannan a madadin wancan.

Sai jeri. Kayan da ba su da wa'adi a jiki, kamar bokiti ko kwanuka, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. A manhajar lissafi za ka ga an rubuta wannan FIFO, ko PEPS in ta Faransanci ce. Amma madarar gari, tumatirin gwangwani, man girki da magani, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi zai fita, ko da jiya ya shigo. Wannan shi ne FEFO. Sau da yawa ƙa'idojin biyu suna haɗuwa, shi ya sa mutane suke sakankancewa. Suna rabuwa ne ranar da ka sayi kaya wajen wanda suka daɗe a hannunsa, musamman in ya rage maka kuɗi. Sabon kayanka a ido, amma ya girmi wanda ke ƙasa. Saboda haka mai kusa da ƙarewa ya zauna bakin ƙofa kuma a saman jeri. Na san ɗaga tsofaffin katan don a sa sababbi a ƙasa aiki ne mai gajiyarwa, balle a zafin Afrilu, amma in ba a yi shi ranar sauke kaya ba, ba za a yi shi ba.

Yanzu littafi, inda na fi so ka natsu. A ce kana da ragowar madara katan 40 da suka tsaya maka jika 20 kowanne, wato jika 800. A watan Maris ka ƙaro katan 60, farashi ya hau, kowanne jika 24, wato jika 1,440. Kana da katan 100 ke nan a kan jika 2,240. Daga Afrilu zuwa Yuni ka sayar da katan 70 a jika 26, kuɗin ciniki ya kama jika 1,820.

In ka bi PEPS, littafi zai ɗauka cewa tsofaffin 40 ne suka fara tafiya a jika 800, sannan 30 daga cikin sababbi a jika 720. Kuɗin kayan da aka sayar jika 1,520 ne, riba kafin a cire haya da albashi jika 300. Katan 30 da suka rage za a rubuta su a jika 720.

In kuma ka bi matsakaicin farashi, wanda kontabul yake kira CMUP, sai ka raba jika 2,240 gida 100, kowane katan ya zama sefa 22,400. Katan 70 sun kama jika 1,568, riba ta koma jika 252, ragowar kaya kuma jika 672.

Ciniki ɗaya, kuɗin da ke aljihu ɗaya, amma riba ta bambanta da jika 48. Ka dubi ragowar kaya: 720 da 672, bambancinsu ma 48 ne. Kuɗin ba su ɓata ba, suna kwance cikin katan 30 ɗin nan, kuma ranar da aka sayar da su za su fito a lissafin gaba. Lokacin da farashi yake hawa, PEPS yana nuna riba mai yawa, harajin riba ma ya bi ta. Lokacin da farashi yake sauka, abin yana juyawa. Ka lura kuma, ko da sababbin katan ne ka fara fitarwa don wa'adinsu ya fi kusa, lissafin nan bai canza ba.

Akwai hanya ta uku, wadda take cewa na ƙarshen shigowa ne ya fara fita. Da ita riba za ta sauka zuwa jika 180. Kada ka yi amfani da ita: tsarin lissafi na SYSCOHADA, wanda Nijar take bi tare da sauran ƙasashen ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci, ya yarda da PEPS da CMUP ne ga kaya irin waɗannan. Kuma in ka zaɓi ɗaya, ana so ka riƙe ta shekara bayan shekara, ba ka riƙa sauyawa don riba ta yi yadda kake so ba. Ni a ganina, mai saye akai-akai a farashin da ba ya tsayawa wuri ɗaya, CMUP ya fi masa sauƙi.

Kafin ka raba riba da abokin kasuwanci ko ka cire ta don hidimar gida, yi wani lissafi ɗaya. Mayar da katan 70 a farashin yau, jika 24, zai ci jika 1,680. Daga jika 1,820 saura 140 kawai. Wanda ya ga 300 a littafi ya kwashe su duka, ya taɓa uwar kuɗi, kuma alamar da zai gani ita ce kowace tafiya kayan da yake iya saya suna raguwa alhali littafi yana cewa ana riba.

Mataki na ƙarshe shi ne ƙidaya, aƙalla a ƙarshen kowane wata, da littafi a hannu, ana karanta kwanan watan kowane rukuni. In ka tarar katan 10 daga cikin 30 saura musu wata ɗaya, kuma ba mai saye sai a jika 15, ba za ka bar su a jika 24 na lissafin PEPS ba. Ka rage jika 9 a kowanne, asarar jika 90 ta shiga lissafin wannan lokaci, riba ta sauka daga 300 zuwa 210. Wanda wa'adinsa ya riga ya wuce kuwa a cire shi daga jeri a ware shi, a rubuta kuɗinsa duka asara, kada ya je hannun mai shago a ƙauye da sunan araha.