Yadda ake auna sharhin bidiyo da yawan kalmomin da kowane hoto zai ɗauka

Wani ƙanena ya ɗauko ɗan gajeren bidiyo a majema, nan Birnin Damagaram, ya ɗora muryarsa a kai. Hotunan sun yi kyau, amma lokacin da yake cewa "bagaruwa", turmin bagaruwar ya riga ya wuce, ana nuna fata a shanye. Kunne na gabas, ido na yamma. Abin da ya jawo haka shi ne ya fara rubuta sharhi, sannan ya nemi cusa shi cikin hoto. Hoto ne ya kamata ya yanka wa magana iyakarta.

Ka fara da sanin saurin bakinka. Ɗauki rubutun Hausa mai kalma 100, ka karanta da ƙarfi cikin natsuwa, kamar kana ba dattijo labari, agogon waya na tafiya. A ce ka gama a sakan 45. In ka raba 100 da 45, za ka samu kalma 2 da ɗan ɗoriya a kowane sakan. Ka yar da ɗoriyar, ka riƙe 2. In wani ne zai karanta sharhin, bakinsa za a auna, domin mai karanta labarai a rediyo da malamin makaranta ba saurinsu ɗaya ba.

Daga nan sai ka gama haɗa hotunan, ka rubuta tsawon kowanne a takarda. Cire sakan 1 daga kowane hoto: rabi a farko don ido ya gane abin da ya shigo, rabi a ƙarshe don numfashi. Abin da ya rage ka ninka shi da 2. Kasonka ke nan.

Ga yadda muka gyara na ƙanen nawa. Hoton farko, filin majema da safe, sakan 6 ne, wato kalma 10: "Tun da asuba majema suke fara aiki a Birnin Damagaram." Na biyu, hannu yana kankare gashi daga fatar akuya, sakan 4, kalma 6: "Ruwan toka ne ke sassauta gashin."

Na uku ne ya ba mu aiki. Ana daka bagaruwa, sakan 8, kason kalma 14. Shi kuwa ya rubuta: "Bayan haka sai a daka ƴaƴan bagaruwa a turmi a jiƙa su a ruwa, a saka fatar a ciki don kada ta ruɓe." Kalma 23. Na ce masa, "Ƙane, turmin nan ai mai kallo yana ganinsa, me ya sa za ka sake gaya masa?" Muka zubar da duk abin da ido ya riga ya samu, muka bar abin da hoto ba zai iya faɗa ba, wato dalilin dakan: "Bagaruwa ce ke jeme fata. Ita ke hana ta ruɓewa, ta ba ta ƙwari." Kalma 14 cif. Ka lura kuma sunan bagaruwa ne ya zo a farkon jimla, don ya faɗo daidai lokacin da taɓarya ke sauka. Inda kalma ta zauna yana da nauyi kamar yawan kalmomin.

Hoto na huɗu, tsoho yana murza fata da hannu, ba mu sa masa ko kalma ɗaya ba. Ƙarar fatar da tarin tsohon sun isa. A ganina bidiyon da aka cika da magana daga farko har ƙarshe yana gajiyar da mutum, ko da lissafin ya fita daidai.

Ka yi hattara da lambobi. In za ka ce Zinder, wato Damagaram, ce babban birnin Nijar har 1926, a takarda shekarar kalma ɗaya ce, a baki kuwa "dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin da shida" ce, kalma 9, kusan sakan 4. Ka ƙirga ta yadda za a furta ta. Haka ma kalmomi ba tsayinsu ɗaya ba: "da", "na", "ya" suna wucewa kamar ƙiftawar ido, "Damagarawa" kuwa gaɓa biyar ce. Jimlar da dogayen kalmomi suka yi mata yawa, ka rage mata ɗaya ko biyu daga kasonta.

Kafin ka naɗi murya, kashe sautin bidiyon ka karanta kana kallo. In ka ji kana haɗiye ƙarshen jimla, ko hoto ya sauya kana tsakiyar magana, kalmomi sun yi yawa. Kada ka ƙara sauri, ka rage kalma, ko kuma ka koma ka ƙara wa hoton sakan 1 in akwai saura a abin da aka ɗauko.