Yadda Ake Tabbatar da Cewa Babban Fayil Ya Kwafu Daidai

Na taɓa kwafar bidiyon biki mai gigabait 40 daga kwamfuta zuwa wani sabon filash da na saya a kasuwa. Kwafin ya kammala ba tare da wani gargaɗi ba, suna da girma duk suka yi daidai, sai na goge na asali don in samu wuri. Da masu biki suka kunna, bidiyon ya yi 'yan mintuna ya ƙage. Ashe filash ɗin jabu ne, an rubuta 64 a jikinsa alhali cikinsa bai wuce gigabait 8 ba. Irin wannan yana karɓar duk abin da aka zuba masa, ya kuma nuna girman da ake tsammani, amma abin da ya wuce ƙarfinsa ya salwanta.

Girman fayil ba shaida ba ne. Shaidar ita ce lambar tantancewa, wadda za ka gani a allo da sunan `checksum` ko `hash`. Manhaja ce ke karanta fayil daga farko har ƙarshe, ta fitar da wata gajeriyar lamba da ta dogara da duk abin da ke cikinsa. A tsarin `SHA-256` lambar na da alamomi 64, haɗin 0 zuwa 9 da a zuwa f. Ko bait ɗaya aka canza cikin gigabait 40, lambar za ta sauya gaba ɗaya. Suna da ranar fayil ba sa shiga lissafin, don haka ko ka sake wa kwafin suna, lambar na nan yadda take.

Da farko ka rufe duk manhajar da ke amfani da fayil ɗin, sannan ka kwafa. Idan ya gama, kada ka yi gaggawar gwaji. Ka cire filash ɗin ta hanyar `Eject`, ka zare shi, ka sake sokawa. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan aikin. Kwamfuta kan riƙe abin da ta rubuta kwanan nan a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, to in ka gwada nan take, tana iya karanto maka wani ɓangare daga can maimakon daga filash. Sai ka ga lambobi sun dace, alhali abin da ya sauka a filash ɗin ya lalace.

Yanzu a Windows ka buɗe PowerShell, manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta. A misalinmu na asali yana cikin `C:\Bidiyo`, filash kuma shi ne `E:`. Sai ka rubuta:

```
Get-FileHash C:\Bidiyo\biki.mp4
Get-FileHash E:\biki.mp4
```

Ba sai ka faɗi tsari ba, `SHA256` yake ɗauka da kansa. Za ka ga allo ya yi shiru, kada ka ɗauka ya maƙale, karatu yake yi. A tsohuwar kafar USB 2.0 mai gudun kusan megabait 30 a daƙiƙa, gigabait 40 zai ci minti ashirin da 'yan kai.

Gwada alamomi 64 da ido yana gajiyarwa, kuma ido na yaudara. Gara ka bar kwamfutar ta gwada:

```
(Get-FileHash C:\Bidiyo\biki.mp4).Hash -eq (Get-FileHash E:\biki.mp4).Hash
```

In ta amsa `True`, kwafin daidai yake. In `False` ne, akwai matsala. Amma ka tabbata babu jan rubutu na kuskure a sama, domin in duka adireshin fayilolin biyu ba daidai ka rubuta su ba, tana iya gwada babu da babu ta ce `True`.

Mai Linux zai adana lambar a ƙaramin fayil, ya kwafe shi tare da bidiyon, sannan ya shiga foldar filash ya ba da umarni na biyu:

```
sha256sum biki.mp4 > biki.sha256
sha256sum -c biki.sha256
```

Amsar ita ce `OK` ko `FAILED`. Na fi son wannan hanyar, domin ko bayan shekara biyu za ka iya sake gwadawa ba tare da na asali ba. A Mac kuwa `shasum -a 256` ake amfani da shi.

Idan lambobi suka saɓa, fara duba ko tsari ɗaya ka yi amfani da shi a ɓangarorin biyu. Lambar wani tsarin da ake kira `MD5` alamomi 32 ce kawai, ba za ta taɓa dacewa da ta `SHA-256` ba. Manyan baƙaƙe da ƙanana kuwa ba bambanci ba ne. In ba nan matsalar take ba, sake lissafa lambar kwafin sau biyu. Idan kowane karo daban take fitowa, to ka zargi filash, kebul ko kafar da ka soka. Idan iri ɗaya take fitowa amma ta saɓa da ta asali, kwafin ne ya lalace, sai a sake shi ta wata kafa. In ya sake saɓawa, canza filash.

Lambar ba ta gyara komai, kuma ba ta nuna inda ɓarnar take. Haka nan in na asalin ne lalatacce tun farko, kwafinsa zai dace da shi tsaf. Saboda haka kafin ka goge na kwamfuta, ka kunna bidiyon daga filash, ka ja shi zuwa tsakiya, sannan zuwa mintunan ƙarshe.